Ka Sauƙaƙa Wa Mai Yi Maka Shaida

Ƙannena da kuka fara tsayawa da ƙafafunku a sana'a, akwai wani saƙo da nake yawan ganin kuna tura wa mutanen da kuka yi wa aiki, kuma ina so ku daina tura shi. Saƙon shi ne: "Salam Alhaji, don Allah a ɗan rubuta mana wani abu a kan aikinmu, za mu nuna wa jama'a." Alhaji zai amsa da "To, in sha Allahu." Daga nan sai shiru. Sati ya wuce, wata ya wuce, kai kuma ka fara tunanin ko aikin ne bai yi masa ba. Alhali kuwa aiki ya yi, har ma shi da bakinsa ya yaba ka a majalisarsu. Abin da ya faru kawai shi ne ka ɗora masa wani sabon aiki, kuma aikin da ba nasa ba.

Ka duba abin da ka nema a wurinsa. Sai ya zauna ya zaɓi abin da zai faɗa. Sai ya yanke tsawon maganar. Sai ya yi shawara da kansa ko da Hausa zai rubuta ko da Turanci, in da Turanci ne kuma ga fargabar kada ya yi kuskure a yi masa dariya. Manyan 'yan kasuwarmu da yawa, waɗanda suke iya riƙe lissafin kanti guda a ka, ba su saba rubuta dogon zance da boko ba, wasu ma ajami ya fi musu sauƙi. Bayan duk wannan, bai san inda za ka kai maganar ba, bai san wa zai gani ba, bai san ko sunansa da hotonsa za su bi ta ba. Mutumin da yake da shago a buɗe da yara a makaranta ba zai ce maka a'a ba, kunya ba za ta bar shi ba. Zai ce "to" ne ya ajiye abin zuwa gobe, goben kuma ba za ta zo ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk wahalar da ke cikin shaidar nan taku ce, ku ɗauke ta. Ku bar wa mai shaida abu ɗaya rak, wanda ba wanda zai iya yi sai shi: faɗin abin da ya gani da idonsa. Bari in bi da ku ta wani misali tun daga farko har ƙarshe, don maganar ta fi zama.

Mu ɗauka kai mai haɗa wutar sola ne. Wata Hajiya a unguwarku tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. A da da janareta take riƙe firizarta idan an ɗauke wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya riƙa cinye ribar irin wannan sana'a, shi ya sa masu ita da yawa suka fara tambayar sola. Ka je ka auna bukatarta, ka ɗora mata faifan sola a kan rufi, ka haɗa inbata da batir, ka gwada, firiza ta kama aiki. Ta biya ka, ta sa maka albarka.

Yawancinku a wannan ranar kuke neman shaida, kuna cewa da zafi-zafi akan daki ƙarfe. A wasu sana'o'in haka ne. Tela ya nemi shaida washegarin biki, lokacin da ƙawayen amarya suke ta tambayar wa ya yi ɗinkin. Mai girkin taro ta nema kwana ɗaya ko biyu bayan taron, kafin ɗanɗanon ya bar bakin mutane. Amma sola ba haka take ba. A ranar haɗawa, abin da Hajiya za ta iya shaidawa bai wuce cewa ka zo a kan lokaci, ka jera waya da tsafta, ba ka fasa mata kwanon rufi ba. Duk wannan yana da kyau, sai dai wanda yake shirin fitar da kuɗi masu yawa ba wannan ne damuwarsa ba. Damuwarsa ita ce: batirin nan yana kaiwa asuba? Idan hadari ya rufe sama kwana biyu a watan Agusta fa? Idan ƙurar hunturu ta lulluɓe faifan fa? Hajiya ba ta da amsar ko ɗaya daga cikin waɗannan a ranar farko. Sai ta kwana da kayan, ta tashi da su, sati shida ko wata biyu. Don haka ka tambayi kanka a kowace sana'a: yaushe ne amfanin aikina yake bayyana ga wanda na yi wa? Wannan lokacin ne lokacin roƙo.

Kuma akwai abin da za ka yi kafin roƙon. Ka fara zuwa, ko ka kira, ka duba lafiyar aikin, ba tare da ka ambaci wata shaida ba. "Hajiya, ya kayan? Akwai abin da yake ba ku matsala?" Ka yi tambayar da gaske, ka saurari amsar. Mutanenmu suna da kara. "Alhamdu lillahi, ba komai" tana iya zama gamsuwa, tana iya zama kawaici. Yadda za ka bambance shi ne, wanda ya gamsu yakan kawo labari da kansa, yakan ce jiya an ɗauke wuta tun azahar amma da safe ƙanƙara ta yi tauri. Wanda yake kawaici yakan gajarta zance, ko ya ce "ai ana dai maneji." In ka ji haka, ka manta da batun shaida, ka ɗauki kayan aikinka ka je ka gano me ke faruwa. Wataƙila yara suna jona dutsen guga a soket ɗin inbata, wataƙila faifan yana neman gogewa. Ka gyara tukuna. Sau da yawa shaidar da ta fi kowace ƙarfi daga bakin wanda aka samu matsala a aikinsa take fitowa, in an dawo an gyara masa ba tare da ja-in-ja ba, domin abin da mai saye ya fi tsoro shi ne a karɓi kuɗinsa a daina ɗaga masa waya.

To, Hajiya ta gamsu, ta ba ka labarin ƙanƙara. Yanzu sai tambaya, kuma a nan ne nake so mu daɗe, don a nan yawancin roƙo yake lalacewa.

Kada ka tambaye ta game da kai. "Ya kika ga aikina?" tambaya ce da take tilasta mata yabo, yabon da zai fito kuwa irin wanda kowa yake yi ne: yaron kirki ne, yana da amana, Allah ya yi masa albarka. Addu'ar tana da daraja, ka karɓe ta hannu biyu. Amma idan wani mai sayar da lemo a wata unguwa ya karanta ta, ba ta gaya masa komai ba, domin kowane mai sola yana da wanda zai ce shi yaron kirki ne. Ka tambaye ta game da kanta da sana'arta. Mutum ba ya shan wahalar ba da labarin abin da ya faru a gidansa, ba sai ya yi tunanin kalmomi ba, tunawa kawai zai yi.

Tambayar da ta fi aiki ita ce wadda take da da da yanzu a cikinta: "Kafin a sa solar nan, ya kike yi da firiza idan an ɗauke wuta, yanzu kuma ya ake ciki?" Ka lura ba za a iya amsa ta da e ko a'a ba, amma kuma ba ta da faɗin da za ta ɓatar da mutum. Za ta ce a da kullum da yamma sai ta aiki yaro gidan mai da jarka, janareta ta yi ta ƙara har maƙwabta su gaji, wani lokaci kunun aya ya lalace ta zubar. Yanzu kuwa janareta tana can a rufe, tun ranar da aka haɗa sau biyu ta kunna ta, ranakun da aka wuni ana ruwa. Wannan ita ce shaida. Akwai jarka a ciki, akwai kunun da ya lalace, akwai sau biyun da aka kunna janareta. Wannan "sau biyun" ma, da kake jin kamar zai rage maka daraja, shi ne yake sa mai sauraro ya yarda da sauran maganar, domin ya san ba a yin sola da ba ta jin ranar hadari.

In ka ga tana da sakin fuska da lokaci, akwai tambaya ta biyu da nake ganin ta fi zinariya: "Kafin ki yarda a yi, me ya fi sa ki ɗari-ɗari?" Wataƙila ta ce ta ji labarin wata da aka sa wa batir bai yi wata uku ba ya mutu, mai aikin kuma ya ɓace. Tsoron da ta faɗa shi ne tsoron da yake zuciyar wanda zai zo maka gobe. Idan ya ji shi daga bakin mai sana'a irin tasa, ya kuma ji yadda abin ya ƙare, ya samu amsar da ba za ka iya ba shi da bakinka ba, ko da ka rantse. Tambaya biyu sun isa. Na ga masu tura takarda mai tambaya goma, da gurbin cikewa da lambobin zaɓi. Wannan sai ofis da ma'aikacin da aka biya don ya cike.

Akwai kuma tambayar da za ka guje wa, ita ce ta kuɗi. Kana so a ji cewa ribarta ta ƙaru, na sani. Amma Bahaushe ba ya son bayyana samunsa a bainar jama'a. Akwai tsoron baki, akwai dangin da za su taso da bukatu, akwai masu karɓar haraji, akwai kuma miyagu. Idan ka ce "Nawa kike samu yanzu?" za ta rufe baki, wataƙila ta janye daga maganar gaba ɗaya. Ka tambayi abin da ake iya faɗa ba tare da an tona asiri ba: awa nawa firiza take riƙe sanyi, sau nawa ake kunna janareta a wata, ko an daina zubar da kaya. Wanda yake cikin sana'ar zai yi lissafin kuɗin da kansa.

Sai hanyar amsawa. Ka bi hanyar da ta saba, kada ka ja ta zuwa taka. Idan da saƙon murya take ciniki a WhatsApp, kamar yadda mafi yawan iyayenmu mata suke yi, to da murya za ka roƙa, da murya za ta amsa. Ga irin abin da za ka ce, bayan gaisuwa cikakkiya, don ba a faɗa wa babba da bukata kai tsaye:

"Hajiya, wata alfarma nake nema, in ba takura. Masu son sa sola sukan tambaye ni ko tana riƙe firiza da gaske, kuma maganar wadda ta gwada ta fi tawa. In kin samu sarari, ki ɗan yi mini saƙon murya, ko na minti ɗaya ne, yadda kike yi da firiza a da idan an ɗauke wuta, da yadda ake ciki yanzu. Ba sai kin tsara ba, yadda kika gaya mini ɗazu ma ya isa. Ni zan rubuta in karanta miki, ba zan nuna wa kowa ba sai kin ce ya yi. In kuma ba ki so, wallahi ba komai, zumuncinmu yana nan."

Kowace gaɓa a cikin wannan saƙo tana sauke wani nauyi. Ka gaya mata dalili, ta san taimakon wasu masu sana'a ne, kuma ba wai kana neman a yi maka kirari ba ne. Ka gaya mata tsawon, minti ɗaya, ta san ba za ta ɓata yininta ba. Ka ba ta tambayar, ba sai ta nemo abin faɗa ba. Ka ɗauke mata rubutu. Ka tabbatar mata ita ce mai magana ta ƙarshe. Sannan ka buɗe mata ƙofar fita. Wasunku suna tsoron wannan ƙofar, suna ganin in an buɗe ta kowa zai fice. Ni abin da na lura da shi akasin haka ne. Wanda aka matsa wa yakan ce "to" ya ɓace. Wanda aka ba zaɓi yakan amsa, ko ya gaya maka gaskiyar dalilinsa, kuma ko wanne ya fi shiru amfani.

Mafi sauƙi ma daga wannan, idan kana gabanta ta faɗi maganar da bakinta, kada ka bari ta wuce. Ka ce, "Hajiya, wannan maganar da kika yi yanzu, kin yarda in rubuta ta in riƙa nuna wa masu tambaya?" Ta riga ta yi aikin ba ta sani ba, abin da ya rage mata kalma ɗaya ce. Amma ka nemi izini a fili. Kada ka kunna rikoda a aljihu kana hira da mutum. Ranar da ta ji muryarta tana yawo a wayoyin mutane ba da saninta ba, ka rasa ta, ka rasa duk matan da take hulɗa da su.

Yanzu saƙonta ya shigo. Ba minti ɗaya ba ne, uku ne, akwai gaisuwa a ciki, da addu'a, da labarin jikanta da ya yi zazzaɓi, da ainihin maganar a tsakiya. Aikinka shi ne ka tsamo jimla uku ko huɗu, da kalmominta. Misali:

"A da kullum sai na sayi mai, in ba haka ba kunun aya ya lalace. Na ji tsoro da farko don na san wadda batirinta ya mutu da wuri. Yanzu wata biyu ke nan, sau biyu kawai na kunna janareta, ranakun da aka wuni ana ruwa. Da na kira shi a kan wata ƙara da inbata take yi, washegari ya zo."

An yarda ka rage, an yarda ka cire maimaici da abin da bai shafi aikin ba. Ba a yarda ka ƙara ba. In ta ce "sau biyu," kada ya koma "ban sake kunnawa ba." In ba ta ce ka fi kowa a garin ba, kada ka sa mata a baki. Kuma kada ka goge mata harshe har ya koma irin na tallan rediyo. "Kunun aya ya lalace" ya fi "na samu gagarumin ci gaba a harkokin kasuwancina" nesa ba kusa ba, don mai karatu yana jin muryar mutum a na farko, a na biyu kuma yana jin muryarka. Ka bar "wata biyu ke nan" a ciki, ka kuma rubuta wata da shekarar da ta yi maganar. Shaidar wata biyu tana magana ne a kan wata biyu. Idan ka ci gaba da nuna ta bayan shekara uku kamar jiya aka yi ta, alhali batirin ya riga ya gaji, ka yaudari mai saye da maganar da take gaskiya a lokacinta. In shekara ta zagayo kayan suna lafiya, ka koma da tambaya ɗaya, sabuwar shaidar za ta fi tsohuwar nauyi.

Wasu za su ce maka, "Kai dai rubuta duk abin da kake so, ka sa sunana." Manya masu yawan harka sukan faɗi haka, da kyakkyawar niyya. Kada ka karɓa a yadda aka ba ka. Abin da ka ƙirƙira ka jingina wa wani, ka nuna wa mai saye don ya fitar da kuɗinsa, ya shiga layin shaidar zur, kuma kun san matsayinta a addini. Dokar kare masu saye ta Nijeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya a kan kaya ko aiki. Abin da za ka yi shi ne ka ce, "Na gode Alhaji, to bari in yi maka tambaya ɗaya a nan tsaye." Ka yi tambayar da da yanzu, ka rubuta amsarsa, ka karanta masa. Minti biyu ne, kuma maganar ta zama tasa.

Karantawar nan kada ka tsallake ta. Ka tura wa Hajiya rubutun, ka haɗa da murya kana karanta shi, ka ce, "Haka kika ce? Akwai abin da zan cire?" A wannan lokacin ne kuma za ka kawo maganar suna, daban da maganar shaida, domin abu biyu ne. Mutum yana iya yarda da maganarsa ya ƙi yarda da sunansa. Ka ba ta zaɓi mai sauƙi: a sa cikakken suna, ko a ce "wata mai sana'ar ƙanƙara a unguwa kaza," ko a bar unguwar ma. Ka gaya mata takamaimai inda za ka sa: a Status na WhatsApp, wanda yake ɓacewa bayan awa 24, ko a takardar tallanka, ko kuwa za ka riƙa nuna wa mai tambaya ne kawai a wayarka. Yardar da ta ba ka ta rubutu ba ta haɗa da muryarta ba, ba ta haɗa da hotonta ba. Matar aure tana iya bukatar ta shawarci maigidanta, ka ba ta lokaci, kada ka nuna gajiya. Dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023 ta ɗauki suna da hoto da lambar waya a matsayin bayanan mutum, ta kuma ba shi damar janye yardarsa bayan ya bayar. Ko ba doka, ranar da ta ce ka cire, ka cire a ranar.

A sana'ar sola akwai wani dalili na musamman da zai sa ka yi hattara. Batir da inbata kaya ne masu tsada, masu saurin sayuwa a hannun ɓarawo. Idan ka sa hoton ƙofar gida, da sunan mai gida, da bayanin irin batirin da ke ciki, ka yi wa ɓarayi kwatance. Ka ɗauki hoton aikin daga kusa, yadda ba za a gane gidan ba. Haka nan masu ɗaukar hoton hirar WhatsApp su watsa, ku duba saman hoton, lambar mutum da fuskarsa suna nan. Ku yanke su kafin ku tura, bayan kun nemi izini.

To idan ka roƙa aka yi shiru fa? Ka bar kwana biyar ko sati, ka tuna sau ɗaya, ka kuma rage nauyin ƙasa da na farko: "Hajiya, na san hidima ta yi yawa. Rannan kin ce mini tun da aka haɗa sau biyu kika kunna janareta. In rubuta hakan kawai?" Yanzu amsar "e" ce kaɗai. In an sake yin shiru, amsar ke nan, ka bar maganar. Ka ci gaba da gaisuwa da duba kaya kamar ba ka taɓa roƙo ba. Abokin ciniki da ya ci gaba da turo maka mutane a ɓoye ya fi shaidar da ka matsa ka karɓa ya fara guje wa kiranka.

Kada ka sayi shaida. "Ki yi mini magana mai kyau in rage miki kuɗin gyara" ciniki ne, kuma ranar da aka ji, duk sauran shaidunka sun zube, har da na gaskiya. In kana son nuna godiya, ka yi bayan an gama, ba tare da an yi sharaɗi ba: ka zo ka goge mata faifai lokacin hunturu, ka duba mata wayoyi. Wanda kuma ya sa shagonsa a Google Maps yana son a rubuta masa ra'ayi a can, ya sani ƙa'idar Google ta hana ba da kuɗi ko kyauta don a rubuta, ta kuma hana a zaɓi waɗanda suka ji daɗi kaɗai a roƙa a bar sauran. A can ba za ka iya rubuta wa mutum ba, da asusunsa zai shiga ya rubuta da kansa. Abin da za ka iya shi ne ka tura masa mahaɗin da zai kai shi wurin rubutun kai tsaye, tare da tambayar nan guda ɗaya, don kada ya tsaya yana kallon fili fari.

Idan aikin na makaranta ne ko asibiti ko wata ƙungiya, kuma takardar shaida kake bukata don neman kwangila, hanyar ba ta canja ba, sai dai ta koma takarda. Shugaban makaranta ba zai zauna ya tsara maka wasiƙa ba. Ka rubuta masa daftari gajere wanda ba yabo a cikinsa, sai abin da ya faru: aikin da aka yi, girman kayan, watan da aka gama, da cewa suna aiki har zuwa ranar sa hannu. Ka kai wa sakatare a waya ko a filashi yadda za a iya gyarawa, ka ce a canja duk abin da bai dace ba, a buga a takarda mai tambarin makarantar. Ka nema tun wanda ya san aikinka yana kan kujerar. Ma'aikata ana yi musu canjin wuri, wanda zai gaje shi bai san ka ba, kuma ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba.

Daga ƙarshe, ka koma wa Hajiya da labari. Ranar da wani ya ba ka aiki saboda maganarta, ka kira ta ka gaya mata, ka yi godiya. Mutane kaɗan ne suke yin wannan, alhali shi ne yake sa ta ji maganarta ta yi amfani, kuma idan wani mai shakka ya ce yana so ya ji daga bakinta, za ta fi saurin yarda. Ko a nan ma ka fara tambayarta kafin ka ba da lambarta, kowane karo.

Ƙannena, a cikin waɗanda kuka yi wa aiki wata biyu ko uku da suka wuce, ku zaɓi mutum ɗaya a wannan satin. Ku kira shi ku tambayi lafiyar aikin tukuna. In ya kawo muku labari da kansa, ku nemi izinin rubuta shi, ku karanta masa kafin kowa ya gani. Allah ya sa albarka a sana'o'inku.